Farin Zaren da Ke Bakin Hoto: Yadda Ake Gano Inda Ya Fito

Wata ranar Alhamis da yamma, cikin hunturu, na shiga ɗan shagon ƙanena inda yake wankin hotuna da buga takardu. Na same shi ya jera hotunan wani biki a kan tebur, ya yi tagumi. Hotuna ne masu kyau. Amarya ta sha leshi mai ruwan bula, bayanta labule mai duhu, launi ya fito raɗau. Amma kowane ɗaya ka ɗauka sai ka ga wani siririn farin layi, kamar zaren ɗinki, ya bi gefe guda tun daga sama har ƙasa. Da yake bayan hoton duhu ne, farin ne abin da ido ke fara faɗawa a kai.

“Yaya, na sa wa ‘Borderless’ alama, wallahi na sa,” in ji shi. “Na ɓata takarda ta fi goma. Ko dai injin ne ya fara gajiya?”

Injin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya warware mana matsalar a yammacin nan ba mai gyara ba ne, rula ce ta ’yan makaranta. Tun daga ranar na fahimci cewa farin da ke fitowa a bakin hoto ba iri ɗaya ba ne, kuma siffarsa da faɗinsa su ke faɗa maka inda ya samo asali, in ka san yadda ake karanta su.

Firinta ba ya auna bakin takarda, wuce shi yake yi

Yawancinmu muna zaton idan aka ce firinta ya cika takarda baki da baki, to ganin bakin yake yi, ya fesa tawada har zuwa wurin ya tsaya cak. Ba haka abin yake ba. Takarda tana shiga injin ne ta hanyar wasu ƙananan tayoyin roba da ke janta, kuma ba a taɓa samun takardu biyu da suka shiga daidai wa daida. Wata za ta gusa hagu da rabin milimita, wata ta ɗan karkata, wata tayoyin su ɗan sulɓe mata kafin su kama. Saboda haka ne a bugu na yau da kullum injin ke barin farin gefe na milimita 3 zuwa 5 a kewaye, don kada tawada ta sauka inda babu takarda.

To yaya ake yi hoto ya cika takarda? Ka tuna mai awo a kasuwar hatsi. Idan yana son mudu ya cika har baki, ba ya ƙirga ƙwayar gero. Zubawa yake yi har ya yi tozo, rarar ta zube cikin buhu. Haka firinta ke yi. Da zarar ka zaɓi bugu marar gefe, manhajar da ke sarrafa shi a kwamfuta sai ta ƙara wa hoton girma kaɗan, ya fi takardar da kamar milimita 2 zuwa 3 a kowane ɓangare, gwargwadon irin injin. Kan da ke fesa tawada, wanda masu gyara ke kira hedi, sai ya yi ta fesawa har ya zarce bakin takardar. Tawadar da ta zarce tana sauka a kan wani soso da aka shimfiɗa a ƙarƙashin hanyar takarda. In ka buɗe murfin injin ka leƙa, za ka gan shi, ya yi baƙi da tsohuwar tawada.

Wannan rarar ita ce sirrin abin duka. Matuƙar rarar ta fi kuskuren shigar takarda yawa, ba za ka ga fari ba. Ranar da kuskuren ya fi rarar, fari zai leƙo. Shi ya sa ma firintan leza, mai aiki da garin tona, galibi ba ya irin wannan bugu: ba shi da soson da zai shanye abin da ya zube, don haka komai ka danna sai ya bar gefensa na kusan milimita 4.

Kamfanonin sun ba ka ikon rage rarar ko ƙara ta. A injinan Epson, kusa da akwatin “Borderless” akwai “Settings”, a ciki za ka ga wani ɗan maɓalli da ake ja, mai suna “Amount of Enlargement”, daga “Min” zuwa “Max”. A na Canon sunansa “Amount of Extension”, yana da matakai huɗu, kuma kamfanin yana ba da shawarar a bar shi a mataki na biyu daga dama. Duk lokacin da ka ja shi zuwa ƙasa, hoton da ake yankewa a baki zai ragu, amma ka rage wa injin wurin yin kuskure. Kamfanonin da kansu suna gargaɗi cewa yin haka na iya barin fari a gefe.

Abin da rula ta nuna mana

Na ce wa ƙanena ya ba ni ɗaya daga cikin takardun da bai buga ba. Na aza rula: faɗi milimita 105, tsawo 148 da rabi. Na tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce ai takardar hoto ce mai sheƙi, girman A4, yake saya ya yanka gida huɗu, don ta fi araha a kan wadda aka yanko a fakiti. Masu shago da yawa haka suke yi, kuma dabara ce mai ma’ana. A4 milimita 210 ce da 297, in ka raba ta huɗu kowace za ta tashi 105 da 148.5.

Amma a kwamfuta ya zaɓi girman “4 x 6 in”, wato inci 4 da inci 6. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ke nan firinta yana jiran takarda mai faɗin 101.6 da tsawon 152.4. Ido ba zai raba takardun nan biyu ba in an ajiye su daban-daban. Amma tasa ta fi wadda injin ke jira faɗi da milimita 3.4, ta kuma gaza ta tsawo da kusan milimita 4.

Daga nan sai zaren ya fara warwarewa. Da yake takardar ta yi gajarta, ƙasan hoton yana faɗawa bayan takarda ta ƙare. A ƙasan kuwa aka rubuta sunayen ango da amarya, sai rubutun ya riƙa fitowa a gutsure. Ganin haka sai ya zaci ƙarin girman ne ke cinye rubutun, ya ja maɓallin rara zuwa “Min”. Rubutun bai tsira ba, domin ba daga nan matsalarsa take ba. Abin da ya faru kawai shi ne, ’yar rarar da ke taimakawa wajen rufe ƙarin faɗin takardar ta ragu, farin zare ya fito fili. Injinsa irin wanda ake jingina takarda a gefe ɗaya ne, don haka duk milimita 3.4 ɗin suka taru a ɗaya gefen. Da irin wanda ke tsayar da takarda a tsakiya ne, da sun rabu biyu, 1.7 a kowane gefe, wataƙila ma rarar ta rufe su wani lokaci ta kasa wani lokaci, abin ya ƙara rikitar da shi.

Na juya bayan hotunan, sai ga ɗigo-ɗigon baƙar tawada kusa da bakin ƙasa. Wannan ma shaida ce: injin yana ci gaba da feshi bayan takarda ta wuce, soso ya jiƙe fiye da ƙima, takarda ta gaba tana shafo shi.

Gyaran bai ɗauki rabin awa ba. Ya aika yaronsa ya sayo fakitin takardar da aka yanko a kan inci 4 da 6. Muka auna ta kafin komai, ta ba mu 102 da 152. Muka mayar da maɓallin rara inda yake tun asali, muka ɗaga sunayen ango da amarya su yi nesa da baki da kamar milimita 6. Bugun farko ya fito a cike, ba fari, ba gutsure.

Wani zai ce me ya hana a gaya wa injin ainihin girman takardar? In jerin girman da ke manhajar ya ba ka A6, wadda take 105 da 148, kuma ya yarda a buga ta ba gefe, to shi ke nan. Sai dai injina da yawa ba sa yarda da bugu marar gefe sai a kan wasu ’yan girma da aka ƙayyade, kuma in ka shigar da naka awon da hannu sai akwatin “Borderless” ya dushe, ya ƙi dannuwa. Wasu ƙananan injinan ofis ma iyakarsu inci 4 da 6, ba sa yi a kan A4.

Kada kuma rubutun jikin fakiti ya sa ka ajiye rula. Abin da ake kira santimita 10 da 15 wani lokaci 102 da 152 ne, wani lokaci 100 da 150 cif. Akwai kuma girman katin gaisuwa na 100 da 148, irin wanda ƙananan injinan Canon Selphy ke amfani da shi. A manyan takardu ma akwai wannan tarko: “Letter”, girman da ake amfani da shi a Amurka wanda manhajoji da yawa ke zuwa a kansa, 216 ne da 279. In ka sa A4 alhali manhaja tana kan “Letter”, za ka tarar da fari mai faɗin kusan santimita ɗaya da rabi a ƙasa.

Idan farin ya yi faɗi a gefe biyu masu kallon juna

Wannan wata matsala ce daban, kuma ba ruwan firinta a ciki. Siffar hoton ce ba ta yi daidai da siffar takardar ba.

Takarda mai inci 4 da 6, in ka raba tsawonta gida uku, faɗinta gida biyu ne. Yawancin manyan kyamarori a wannan siffa suke ɗaukar hoto, shi ya sa hotonsu ke zama a kanta daram. Amma wayar hannu galibi tana ɗauka ne a siffar huɗu da uku, wato hotonta ya fi kusa da murabba’i. Ka ɗauki hoton waya a kwance ka ce a shigar da shi gaba ɗaya cikin wannan takarda. Tsayinsa zai cika inci 4, amma faɗinsa zai tsaya a inci 5.33. Saura kashi biyu cikin uku na inci, wanda zai rabu hagu da dama, kimanin milimita 8 da rabi kowane gefe. Rarar milimita 2 ko 3 ba za ta taɓa rufe wannan ba.

Zaɓi biyu ne kawai. Ko a shigar da hoton duka a bar fari, ko a faɗaɗa shi ya cika takarda a yanke wani abu. A manhajar hotuna ta Windows za ka ga “Shrink to fit” da “Fill page”; a tsohon tsarin buga hoto na Windows akwatin “Fit picture to frame” ne ke sa a cika; a Lightroom sunansa “Zoom to Fill”. In ka zaɓi cikawa a misalinmu, faɗi zai kai inci 6, tsayi ya zama 4.5, sai a datse rabin inci: kimanin milimita 6 a sama, 6 a ƙasa. Kusan kashi 11 cikin 100 na hoton ke nan. A hoton biki wannan yankin shi ne saman ɗaurin ɗankwalin amarya ko hular ango.

Shawarata ita ce kada ka bar wa manhaja wannan yankan, domin ita tsakiya kawai ta sani. Ka yanke hoton da kanka zuwa siffar takardar kafin bugu, ka zaɓi abin da zai tafi. Kuma kowace takarda da siffarta: hoton da ya zauna daidai a inci 4 da 6, in ka kai shi A4 sai ya bar milimita 6 a kowane ɗaya daga cikin dogayen gefuna biyu, in ka kai shi inci 8 da 10 kuma farin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Idan kuwa farin ya kewaye duk gefuna huɗu, faɗinsa kusan ɗaya, to bugun marar gefe bai kama ba tun farko. Sau da yawa an sa alama a manhajar firinta, amma manhajar da aka buɗe hoton da ita tana riƙe da nata gefen. A Lightroom sai an mayar da “Margins” sifili, an buɗe “Cell Size” har ƙarshe. A kwamfutar Mac kuma ba akwati ake dannawa ba, a cikin “Paper Size” ake zaɓar girman da aka rubuta wa “borderless” a gaba. A wasu injinan, in ka bar nau’in takarda a kan “Plain paper”, zaɓin ba zai yi aiki ba sam.

Farin da ya fara siriri ya ƙare da kauri

Bayan mun buga hotuna kusan ashirin lafiya, sai ga guda biyu sun fito da wani fari na daban. A sama babu shi, yana gangarowa yana buɗewa, a ƙasa ya kai milimita ɗaya, kamar tsinin mashi. Duk inda ka ga wannan siffa, takarda ce ta shiga a karkace.

Dalilan a kusa suke. Na farko, ’yar katangar robar da ke riƙe takarda a wurin sakawa ta yi sako-sako. Ana so ta taɓa takardar, ba ta matse ta har ta lanƙwasa ba, ba ta kuma bar ta tana rawa ba. Na biyu, an cusa takardu da yawa lokaci guda. Takardar hoto tana da kauri, kuma sheƙinta na sa su manne wa juna. Na uku shi ne wanda muka fi fama da shi a ƙasarmu: ƙurar hunturu. Tana kwanciya a kan tayoyin roba, wani ya kama takarda wani ya sulɓe, sai takardar ta juya kaɗan zuwa ɓangaren da ya sulɓe. Busasshiyar iskar lokacin tana kuma sa takardar hoto ta nannaɗe a baki, kamar yadda laimar damina ke sa ta yi laushi ta yi tudu-tudu.

Ƙanena ya kashe injin, ya goge tayoyin da ya iya kaiwa da tsumma mai tsabta wanda aka ɗan jiƙa da ruwa aka matse, ya bari suka bushe. Ya koma sa takarda biyar-biyar, yana ɗan kaɗa su kafin ya saka, sauran kuma ya mayar cikin ledarsu ya rufe. Tsinin mashin bai sake fitowa ba.

Takardar da aka yanka da hannu tana da nata laifin a nan. In yankan bai miƙe ba, ko kusurwa ba ta tashi daidai ba, za ta ba ka irin wannan farin ko da injin ya ja ta a miƙe. Ka haɗa takardu biyu, ka juya ɗaya, ka daidaita bakinsu a kan tebur. In ba su haɗu ba, ka gano mai laifi.

Gwaji guda da ke raba gardama

Akwai lokacin da duk abubuwan nan suna daidai amma fari yana nan, domin a cikin hoton kansa yake. Hoton da aka ɗauko daga fuskar waya, ko aka miƙar da shi bayan ya karkace, ko aka ɗora shi a kan farin shafi don a yi masa rubutu, yakan zo da siririn farin layi a baki. A kan farin allon kwamfuta ba za ka gan shi ba.

Ga yadda za ka tantance. Ka buga hoton sau ɗaya, ka yi kibiya da fensir a bayan takardar don ka san bakin da ya fara shiga. Sannan ka juya hoton a kwamfuta, kai ya koma ƙasa, ka sake bugawa. In farin ya bi hoton ya koma ɗaya gefen takardar, to a cikin hoton yake, sai ka datse bakinsa. In ya tsaya a gefen da yake, ka koma kan takarda da injin. Takarda biyu kacal wannan zai ci maka.

Wani farin kuma ba shi da magani, domin ba kuskure ba ne. Takardar hoto fara ce har cikinta, tawada kuma a fuska take zama. In hoton mai duhu ne kuma takardar mai kauri, ka kalle shi ta gefe dole ka ga farin kaurinta. Da an sa shi a firam ko albam zai ɓace.

Abin da ake biya, da inda bai kamata a yi ba

Tozon mudu ba kyauta ba ne. Duk hoton da ya cika takarda ya rasa wani abu a bakinsa, don haka rubutu, tambarin shago, ko layin ado da aka zagaya hoto da shi, su yi nesa da baki da aƙalla milimita 5. Layin ado ma gara a haƙura da shi, domin da takarda ta gusa kaɗan zai yi kauri a gefe ɗaya ya sirance a ɗaya. Haka kuma ’yan milimitocin ƙarshe sukan fito da ɗan rauni, saboda a lokacin wutsiyar takardar ta kuɓuce daga tayoyin da ke riƙe ta ta baya.

Sai kuma batun girma. In aka ƙara milimita 2 a kowane gefen takarda mai faɗin 101.6, an kumbura komai da kusan kashi 4 cikin 100. A hoton biki ba wanda zai lura. Amma fasfo mai faɗin milimita 35 zai zarce 36, wanda ake so ya zama inci 2 da 2 shi ma ya wuce awonsa. Duk aikin da awo ke da muhimmanci a cikinsa, a kashe bugu marar gefe, a buga a ainihin girma, a yanka.

Wanda ke son ya riƙe linzamin da kansa, a injinan Epson da ke da zaɓin “Retain Size” a maimakon “Auto Expand”, injin ba zai ƙara wa hoto girma ba, kai za ka kawo rararka. Ka ƙara milimita 3 a kowane gefe: inci 4 da 6 ya zama milimita 107.6 da 158.4. A ƙimar fiksel 300 a kowane inci, maimakon 1200 da 1800 za ka shirya hoto mai 1271 da 1871. Ta haka kai ne ka san abin da zai zube a kan soso.

Hanya mafi tabbas kuwa ita ce ta masu maɗaba’a: a buga a kan takardar da ta fi aikin girma, a bar hoton ya zarce layin yanka da milimita 3, sannan a yanka ta cikin hoton. Wuƙa ba ta barin farin zare. Wannan ce ƙanena ya ɗauka don ya ci gaba da cin moriyar arahar A4. Yanzu yakan jera hotuna huɗu masu santimita 9 da 13 a shafi guda, ya buga, sannan ya yanka. Da can yankawa yake yi kafin bugu, yanzu bugu yake yi kafin yanka, kuma wannan sauyin kaɗai ya raba shi da asarar takarda.

Ragowar takardun da ya riga ya yanka ba su tafi a banza ba, da su yake buga fasfo, inda gefe ba ya damun kowa. Hotunan bikin kuma an zo an karɓa washegari da safe. Rular tana nan har yau, ya huda ta ya ɗaure da zare a ƙusa kusa da injin, kuma ba ya buɗe sabon fakitin takarda sai ya aza ta a kai.